Kiriyatin a gudu da tseren keke: wa yake amfana, wa yake dakon ruwa a banza?

A shekarar 1993 wasu masu bincike a Suwidin, cikinsu har da Paul Balsom da Björn Ekblom, sun tara 'yan gudu waɗanda suka goge da atisaye, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka riƙa ba su giram 20 na kiriyatin, wani gari da 'yan wasa suke sha don ƙarin ƙarfi, kullum har kwana 6, ɗaya kashin kuma aka ba su wani gari da ba ya aikin komai. Daga nan aka sake su a hanyar daji mai tudu da gangare, tsawon kilomita 6. Waɗanda suka sha kiriyatin sun ƙara nauyi kusan kilo ɗaya, kuma sun fi daɗewa kafin su gama gudun idan aka kwatanta da lokacinsu na farko.

Bayan shekara biyar, a 1998, wasu masu binciken a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka gwada abin a kan ƙwararrun 'yan tseren keke 12. An ba su giram 25 kullum na kwana 5, aka sa su tuƙi na awa biyu da rabi, sannan suka ci gaba da tuƙi mai tsanani har ƙarfinsu ya ƙare. A nan kiriyatin bai ƙara musu ko minti ɗaya ba. To amma da aka sa su yi fizga, wato zabura da iya ƙarfi, sau biyar ta daƙiƙa goma-goma bayan wannan wahalar duka, sai ƙarfin fizgarsu ya ƙaru da kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari.

Kiriyatin ɗin ɗaya ne, awon da aka sha kusan ɗaya ne, kuma dukkansu masu dogon zango ne. Wasu ya rage musu gudu, wasu kuma ya ƙara musu ƙarfi daidai wurin da ake cin tsere. Shi ya sa nake ganin raba 'yan wasa zuwa "masu juriya" da "masu fizga" ba ya kai mutum ga amsa. Tambayoyi biyu ne suke warware maganar: ta yaya ake yanke hukuncin tseren da kake shiga, kuma wa zai ɗauki nauyin ruwan da kiriyatin yake jawowa, ƙafafunka ko tayoyin keke?

Abin da yake yi a cikin tsoka

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP. Duk abincin da mutum ya ci, sai an juya shi ya koma ATP kafin tsoka ta amfana da shi. Matsalar ita ce ajiyar ATP da ke cikin tsoka kaɗan ce ƙwarai, ba ta wuce aikin daƙiƙa biyu ko uku idan mutum ya zuba iya ƙarfinsa. Don haka kullum jiki yana cikin sake ƙera shi ne yana kashewa.

Hanyar da ta fi sauri wajen sake ƙera shi ita ce ta fosfokiriyatin, wato kiriyatin da ya riƙe ƙwayar fosfet a jikinsa. Da zarar ATP ya ƙone, fosfokiriyatin yakan miƙa masa fosfet ɗinsa nan take, ba tare da jiran iskar oksijin ba. Saurin wannan hanya babu kamarsa, sai dai ajiyar ba ta da yawa. Idan mutum ya zabura da dukkan ƙarfinsa, cikin daƙiƙa goma ya cinye mafi yawanta. Hanyar da ta fi ɗorewa kuwa ita ce ƙona sukari da kitse da oksijin. Ba ta da sauri kamar waccan, amma tana iya yin awoyi tana aiki.

Kamar randa ce da rijiya. Randa tana ba ka ruwa da yawa a take, amma tana ƙarewa, kuma daga rijiyar ake sake cika ta. Shan kiriyatin randar yake faɗaɗawa, ba ya taɓa rijiyar. Bai ƙara wa zuciya ƙarfin tura jini ba, bai ƙara yawan oksijin da jini yake ɗauka ba. Wanda kuwa yake gudun kilomita 10 ko sama da haka, fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuzarinsa daga hanyar oksijin yake fitowa. Ai ko a gudun mita 1,500 ita ce take ɗauke da mafi yawan aikin.

Akwai wani abu kuma da 'yan tseren keke ya kamata su riƙe. Fosfokiriyatin yana sake taruwa da zarar an sassauta: wajen rabinsa yakan dawo cikin rabin minti, sauran kuma ya ɗauki mintuna. Saboda haka duk wasan da ake zabura a lafa, a sake zabura a sake lafawa, wasa ne da ake ta kwasar wannan ajiya ana mayarwa, ko da kuwa tsawonsa awa biyar ne.

Jikin mutum mai kilo 70 yana ɗauke da kiriyatin kimanin giram 120 zuwa 140, kuma kashi 95 cikin ɗari nasa a tsoka yake. Kullum wajen giram 2 yana lalacewa ya fita ta fitsari. Hanta da ƙoda suna ƙera kusan rabin abin da aka rasa, sauran kuma daga nama da kifi yake zuwa. Kilo guda na ɗanyen naman sa bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, shi ya sa ba a iya cika tsoka da cin nama kawai. Roger Harris da Eric Hultman da abokiyar aikinsu ne suka nuna a 1992 cewa shan giram 5 sau huɗu zuwa shida a rana yana ɗaga ajiyar tsoka sosai. A wannan shekarar aka yi gasar Olamfik ta Barcelona, inda jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa Linford Christie, wanda ya ci mita 100, yana shan sa. Tun daga lokacin sunan kiriyatin ya manne da masu gajeren zango da masu ɗaga ƙarfe, kuma a wajensu ba a gardama: yana aiki. Mai ɗaga ƙarfe yana samun ƙarin ɗagawa ɗaya ko biyu a kowane zagaye, idan aka tara wannan na watanni sai ya zama tsoka da ƙarfi.

Kilo ɗayan nan

Kiriyatin ba ya shiga tsoka shi kaɗai, da ruwa yake tafiya. Wanda ya yi lodin giram 20 kullum na kwana biyar ko shida yakan ga sikeli ya hau da kilo 1 zuwa 2, kuma kusan duk ruwa ne da ya taru a cikin tsoka. Mai ɗaga ƙarfe bai damu ba, sai ma murna da yake yi damtsensa ya cika. Mai dogon zango kuwa dole ya zauna ya yi lissafi.

A ɗauki ɗan tseren keke mai kilo 65, kekensa da kayansa kilo 8, jimla 73. Yana iya riƙe ƙarfin wat 300, wato awon ƙarfin da yake zubawa a tuƙi, na kusan awa guda. Ya sha kiriyatin ya ƙara kilo ɗaya, kuma kamar yadda binciken Leuven ya nuna, wat 300 ɗin nan yana nan yadda yake, bai ƙaru ba.

A shimfiɗaɗɗen titi, yana tafiyar kilomita 40 a awa, babban abin da yake fama da shi iska ce, ba nauyi ba. Abin da ƙarin kilo ɗaya yake jawo masa shi ne ɗan ƙarin gogayyar taya da kwalta, wanda idan aka lissafa bai kai rabin wat ba. Cikin wat 300, wannan ba abin da mutum zai ji a ƙafarsa ba ne. Tayoyi ne suka ɗauke masa kayan.

Yanzu a kai shi Alpe d'Huez, hawan nan na tsaunukan Faransa mai lanƙwasa 21 da ake yawan bi a gasar Tour de France. Tsawonsa kilomita 13.8, kuma daga ƙasa zuwa sama mutum yana hawa kusan mita 1,100. Ɗaga kilo ɗaya zuwa wannan tsayin yana cin kuzarin da awonsa ya kai jul wajen 10,800, wato 1 sau 9.8 sau 1,100. Idan aka raba da wat 300, an sami daƙiƙa 36. Hawan da zai ɗauke shi wajen minti 50 ya ƙaru da rabin minti da 'yan kai. A tsakanin masu hawan dutse, rabin minti tazara ce da take raba na ɗaya da na biyar.

To me ya samu a madadin haka? A koma shimfiɗaɗɗen titi, mita 200 na ƙarshe, ana gudun kilomita 60 a awa. Kada ma a ba shi kashi 8 ɗin Leuven, a ce ƙarfin fizgarsa ya ƙaru da kashi 5 kawai. Da yake iska tana ƙara tsananta ne ninki-ninki yayin da gudu ya ƙaru, kashi 5 na ƙarfi ba ya ba da kashi 5 na gudu, wajen kashi 1.6 yake bayarwa. Amma kashi 1.6 na mita 200 ya haura mita 3, kusan tsawon keke biyu ke nan. Irin waɗannan tseren kuwa sau da yawa da faɗin taya ake cinye su, har sai an duba hoton layin ƙarshe.

Mutum ɗaya ne, kiriyatin ɗin ɗaya ne. A Alpe d'Huez ya yi asarar rabin minti, a fizgar ƙarshe ya ci ribar keke biyu. Wanne ya fi masa, ya danganta da tseren da ke gabansa.

Mai gudu da ƙafa ba shi da tayar da za ta ɗauke masa kaya. A kowane taku sai ya cilla jikinsa sama ya tare shi, kuma mafi yawan kuzarin da gudu yake ci a wannan ɗaukar nauyin yake tafiya. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce kalori ɗaya ga kowane kilo a kowace kilomita. Mai kilo 60 da ya ƙara kilo ɗaya ya ƙara wa kansa kaya da kashi 1.7 cikin ɗari. A yi masa sassauci a ce kashi 1 kacal gudunsa ya ragu. Idan yana gama kilomita 10 a minti 35, ya yi asarar daƙiƙa 21. Idan yana gama gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 a awa uku, asararsa ta kai daƙiƙa 108, kusan minti biyu. Ga shi kuma babu inda zai fanshe, domin yawancin masu wannan gudun da agogo suke tsere, suna riƙe taki ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne abin da ya sami 'yan gudun Suwidin a hanyarsu mai tudu.

Yadda ake cin tseren keke

Wanda bai saba kallon tseren keke ba yakan zaci wanda ya fi juriya shi yake ci. A tseren titi ba haka abin yake ba sau da yawa. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin yaƙi da iska, na tsakiyar ayari ma ya fi haka. Saboda haka mai ƙarfi da mai dama-dama suna iya tafiya tare awa biyar ko shida, sannan a yanke hukunci cikin 'yan daƙiƙoƙi. Milan zuwa San Remo a Italiya kusan kilomita 300 ne, amma yawanci ana raba gardama ne a ɗan tudun Poggio da bai kai kilomita 4 ba, ko a mitocin ƙarshe na titin Via Roma. Biniam Girmay na Eritiriya da fizgar ƙarshe ya ci Gent–Wevelgem a 2022, da ita kuma ya ci zango uku a Tour de France ta 2024. Ba ina cewa kiriyatin ne sirrinsa ba. Abin da nake nunawa shi ne mutum yana iya zama cikakken mai dogon zango, amma abincinsa a daƙiƙa goma sha biyar yake.

Binciken da ya fi kama da tsere na gaske shi ne wanda Kristyen Tomcik da Louise Burke da John Hawley da abokan aikinsu suka wallafa daga Ostareliya a 2018. Sun ɗauki 'yan keke 18, wasu suka sha giram 20 na kwana 5, sannan giram 3 na kwana 9. Aka sa su tuƙin kilomita 120, kuma a kowace kilomita 10 sai su yi fizga, wani lokaci ta kilomita 1, wani lokaci ta kilomita 4. Bayan sun gama aka ɗora su a kan na'ura mai kwaikwayon hawan tudu har suka gaji. Jimlar lokacin kilomita 120 bai bambanta ba tsakanin masu sha da marasa sha. A hawan tudun ma ba a ga bambanci ba, duk da ƙarin nauyin. Inda aka ga bambanci shi ne fizgogin ƙarshe, masu kiriyatin sun fi fitar da ƙarfi.

Ba kowane bincike ne ya ga haka ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. A 2010 Robert Hickner da abokan aikinsa a Amurka sun ba 'yan keke giram 3 kullum na kwana 28, suka sa su tuƙin awa biyu mai fizga jefi-jefi. Ajiyar kiriyatin ta ƙaru a tsokarsu, amma fizgar ƙarshe ba ta inganta ba. Sai dai fizgar da aka auna a nan ta ci gaba ce har mutum ya kasa, ba ta daƙiƙa goma ba, kuma duk fizgar da ta doshi minti ɗaya ko ta wuce ta fara fita daga hurumin fosfokiriyatin. A 2023 kuma Julen Fernández-Landa da abokan aikinsa suka tattara bincike 13 da aka yi a kan gogaggun 'yan wasa, suka haɗa sakamakonsu, suka ce kiriyatin ba ya inganta juriya. Na yarda da su. Amma yawancin gwaje-gwajen irin wannan suna auna tsawon lokacin da mutum zai jure ne, ko lokacin da zai gama wani zango shi kaɗai a taki ɗaya. Wannan ya yi daidai da mai gudun yada-ƙanin-wani da ɗan keken da yake tsere shi kaɗai da agogo. Bai ce komai ba game da wanda yake tsere a ayari, yana bin duk wanda ya ɓalle, yana fita daga kwana da zabura sau talatin ko arba'in kafin a kai layi.

Wani zai ce ai ko gudun yada-ƙanin-wani ana cin sa da fizga. Gaskiya ne, a Olamfik ta Paris a 2024 Sifan Hassan da tazarar daƙiƙa 3 ta doke Tigst Assefa, bayan sun yi kafaɗa da kafaɗa a mitocin ƙarshe. Amma kafin mutum ya yi fizgar sai ya kasance yana cikin na gaba a kilomita ta 42, kuma ƙarin kilo ɗaya da aka yi awa biyu ana dakonsa shi ne zai iya hana shi kaiwa wurin tare da su.

Haka lissafin yake a gasannin da ke kusa da mu. Tour du Faso, da ake yi a Burkina Faso tun 1987, yawancin hanyoyinta shimfiɗaɗɗu ne, irin filin da nauyi ba ya cutarwa kuma fizga take da daraja. Gudun kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo kuwa da ƙafa ake yin sa, kuma hanyar hawa ce, wato wurin da kilo ɗaya ya fi ko'ina tsada.

Amfanin da ba na ranar tsere ba

Ko mai gudu yana da ƙofar da zai iya shigowa ta cikinta, wato lokacin shiri. Masu dogon zango da suka san abin da suke yi suna ware watanni nesa da gasa suna ɗaga ƙarfe da tsalle-tsalle da gajeren gudu a tudu, saboda ƙarfin ƙafa yana rage kuzarin da kowane taku yake ci. Wannan irin atisayen kuwa shi ne ainihin filin kiriyatin. Don haka mutum yana iya sha a watannin shiri, ya daina kafin gasa. Hultman da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa idan aka daina sha, ajiyar tsoka takan koma yadda take cikin kusan wata guda, wasu kuma takan kai su mako shida. Ruwan yana tafiya tare da ita, ƙarfin da aka gina da atisaye kuma ya zauna. Wanda gasarsa take farkon Fabrairu, ya ajiye robar kiriyatin tun ƙarshen Disamba.

Ana kuma yawan ambatar gilaikojin, wato sukarin da tsoka take ajiyewa. Bincike da dama sun nuna idan aka haɗa kiriyatin da cin abinci mai sitaci da yawa, tsoka tana ajiye gilaikojin fiye da yadda ta saba. Abin sha'awa ne, amma ni ban ɗauke shi hujjar sha ba, domin ƙarin ajiyar bai fito a matsayin saurin gamawa ba a gwajin kilomita 120 na Ostareliya, kuma kowane giram na gilaikojin da nasa ruwan yake zuwa, wajen giram uku. Haka batun murmurewa: wani bincike na Barazil a 2004 ya ga alamun kumburi da lalacewar tsoka sun ragu a jinin waɗanda suka sha kafin gudun kilomita 30. Alamar jini daban, ƙafar da ta warware washegari daban.

Kwamitin Olamfik na Duniya, a matsayar masanansa ta 2018, ya sa kiriyatin cikin 'yan tsirarun abubuwan sha da ke da hujja mai ƙarfi, tare da kafeyin da naitiret da wasu biyu. A wurin kuma ya yi gargaɗin cewa ƙarin kilo 1 zuwa 2 yana iya cutar da masu juriya da masu wasan da ake ɗaga jiki sama. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ba ta haramta shi ba.

Idan za a gwada

Nau'in da aka yi kusan dukkan binciken a kansa shi ne wanda za ka ga an rubuta creatine monohydrate a jikin robarsa, kuma shi ne mafi arha. Sauran nau'o'in masu sunaye barkatai kuɗi kawai suke ƙarawa. Hanyar sha biyu ce. Ko a yi lodi, giram 5 sau huɗu a rana na kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5 kullum. Ko kuma a fara da giram 3 kullum tun farko, wanda binciken 1996 ɗin nan ya nuna yana kai tsoka matakin da lodi yake kai ta, sai dai cikin kwana 28. Ga mai dogon zango ta biyun ta fi, domin ciki ya fi karɓarta, kuma mutum yana da damar lura da sikeli a hankali. A sha shi da abinci, saboda sitaci da furotin suna taimaka masa shiga tsoka. Kada a zuba giram 10 ko 20 a kofi ɗaya a shanye, abin da yake kawo murɗawar ciki da gudawa ke nan. Kada kuma a zuba shi a gorar ruwan tsere: a binciken Leuven akwai zagayen da aka ƙara wa 'yan keken giram 5 kowace awa suna cikin tuƙi, sai ribar fizgar ta ɓace gaba ɗaya.

Ba kowa yake amsawa ba. Wajen mutum biyu ko uku cikin goma tsokarsu ba ta ƙara ɗaukar wani abin kirki, galibi saboda tun asali ajiyarsu tana kusa da cika. Waɗanda ba sa cin nama da kifi, ko suke ci jefi-jefi, su suka fi ganin canji. Sikeli yana ba da alama: wanda ya yi wata guda yana sha kuma nauyinsa na safe bai motsa ba, mai yiwuwa yana cikin marasa amsawa.

Tsoron da ake yi cewa yana kawo ƙishirwa da ɗaurewar tsoka a lokacin zafi, binciken da aka tattara a 2009 bai tabbatar da shi ba, ba a ga ya hana jiki fitar da zafi ba. Batun ƙoda kuma, a masu lafiya da suke shan awon da aka ambata ba a ga illa ba, har a binciken da ya ɗauki shekaru. Mai ciwon ƙoda kam kada ya taɓa sai da izinin likita. Abin da yake yawan ruɗa mutane shi ne gwajin jini. Kiriyatin idan ya lalace kiriyatinin yake komawa, shi kuwa kiriyatinin da shi ake auna aikin ƙoda a asibiti. Mai shan garin yana iya ganin adadinsa ya ɗan hau alhali ƙodarsa lafiya lau, don haka a gaya wa likita kafin a ɗebi jini.

Haɗarin da ya fi girma ga mai shiga gasa a cikin robar yake. Wani bincike da aka yi a Kolon ta Jamus, aka wallafa a 2004, ya gwada kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe daban-daban, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran da aka haramta ba tare da an rubuta a jikinsu ba. A dokar WADA ɗan wasa ne yake da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. A nemi robar da ke da tambarin gwaji irin Informed Sport, a kuma guji garin da aka ƙulla a leda ba suna.

Mu koma kan ɗan kekenmu mai kilo 65. Kafin ya fara sha, nesa da kowace gasa, zai auna abu uku, kowanne sau biyu a ranaku daban don ya san yadda lambobinsa suke kaiwa da komowa da kansu. Na farko nauyinsa da safe bayan ya zaga, kafin karin kumallo. Na biyu fizga shida ta daƙiƙa goma-goma da hutun minti ɗaya a tsakani, a ƙarshen tuƙin awa biyu, yana lura musamman da ta biyar da ta shida. Na uku lokacin da yake ɗauka ya hau wani tudu da ya sani, mai cin minti goma ko fiye. Bayan mako huɗu yana shan giram 3 ba tare da ya canza atisayensa ba, sai ya maimaita. Idan ya ƙara kilo ɗaya, a tudun minti goma ya sa ran asarar daƙiƙa bakwai ko takwas. In fizgarsa ta biyar da ta shida sun ƙaru fiye da yadda suka saba bambanta tsakanin rana da rana, kuma tserensa na gaba a shimfiɗe yake, ya ci gaba da sha. In tseren a saman dutse zai ƙare, ya daina mako shida kafin ranar.